Yadda ake kwafe shafi mai ɓari biyu daga hoton sikanin ba tare da an hargitsa jerin karatunsa ba

An taɓa kawo min aikin wata tsohuwar mujalla da aka riga aka ba wani shagon buga takardu ya kwafe. Shafi goma sha takwas ne, kowanne an raba shi gida biyu, hagu da dama. Da na fara karanta abin da suka miƙo sai na ga kowace kalma daidai take, amma babu jimla ɗaya da ke tsayawa da ƙafarta. Manhajar da suka yi amfani da ita ta ɗauki layin farko na hagu ta manna masa layin farko na dama, ta sauko na biyu ta yi haka, har ƙasa. Can a tsakiyar wata jimla kuma ga sunan mujallar da lambar shafi sun yi zaune. Gyaran wannan ya fi sake aikin wuya, don haka na jefar na faro daga tushe.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, jerin karatu ba a barin sa ga na'ura, kuma ba a barin sa sai an zo bugawa. Ana yanke shawararsa ne tun da fari, da ido da fensir, kafin a taɓa madanni. Ko da hannu za ka buga, ko da manhajar OCR mai karanta rubutu daga hoto, hanyar ɗaya ce.

Bari mu ɗauki shafi guda mu bi shi daga sama har ƙasa. A ce shafi na 47 ne na wata maƙala a kan sana'ar rini a Kano. A can sama akwai sunan mujalla a ɗan siririn layi. Ƙarƙashinsa rubutu ɓari biyu. A tsakiyar shafin akwai jadawali da ya ratsa faɗin shafin gaba ɗaya, sannan rubutu ya ci gaba ɓari biyu a ƙarƙashinsa. Daga nan sai ɗan gajeren zare da aka ja, sai bayanan ƙasa da ƙananan haruffa, sai lamba 47 ita kaɗai a gindi.

Mataki na farko: tabbatar ɓari biyun ne da gaske

Ba duk shafin da ke da farin lungu a tsakiya ne ake karanta shi hagu sannan dama ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake rubuta ƙasidar Larabci da waƙoƙin ajami da yawa: kowane baiti an raba shi biyu, rabi a dama, rabi a hagu, da fili a tsakani. A ido ɓari biyu ne, amma a karatu layi ɗaya ne, ana tsallaka filin a kowane baiti. Idan ka sauke rabin dama duka sannan ka dawo ka sauke na hagu, ka kashe waƙar. Haka jerin kalmomi da ma'anarsu, kalma a hagu fassara a dama. Haka kuma littafin da aka jera Hausa a gefe ɗaya, Turanci ko Faransanci a ɗaya gefen: waɗannan rubutu biyu ne daban, kowanne yana ci gaba a ɓarinsa na shafi na gaba, ba ya zuba cikin maƙwabcinsa.

Gwajin ba shi da wuya. Karanta layin farko na hagu, ka ga ina maganar ta nufa: layi na biyu na hagu ne ya ƙarasa ta, ko layin farko na dama? Yi haka a wuri uku daban-daban a shafin. In rubutun Larabci ne ko ajami na zube mai ɓari biyu, daga ɓarin dama ake farawa.

Shafinmu na 47 rubutun boko ne na zube, maganar tana gangarowa cikin ɓari. Sai mu ci gaba.

Mataki na biyu: gyara hoton

Buɗe hoton ka ƙara girmansa har ka ga 'yan lambobin da ke ɗare a saman kalmomi, masu nuni zuwa bayanin ƙasa. In kana iya bambance 3 da 8 a cikinsu, hoton zai yi aiki. In sun zama ɗigon tawada, koma ka sake sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ko 400 in bayanan ƙasan sun cika ƙanƙanta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yawanci an matse shi, waɗannan 'yan lambobin su ne farkon abin da ke narkewa. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil.

In cikin PDF shafin yake, ciro shi da wannan umarni. Lura da cewa 55 na rubuta ba 47 ba, zan dawo kan dalilin.

```
pdftoppm -r 300 -f 55 -l 55 -png -singlefile mujalla.pdf 47
```

Wannan zai ba ka 47.png. Sai dai rubuta 300 a nan ba ya ƙara wa hoton da aka ɗauka da rauni komai, girma kawai zai yi, kamar an hura balan-balan.

Sai karkata. Mutane sukan raina ta, amma ita ce babban dalilin da ke sa manhaja ta kasa ganin lungun tsakiya. Shafin A4 a 300 dpi faɗinsa ɗigo 2480 ne, tsawonsa 3508. Lungun da ke tsakanin ɓari biyu in ya kai milimita 5, wajen ɗigo 59 ke nan. In shafin ya karkata da digiri ɗaya da rabi kacal, rubutun da tsawonsa ya kai santimita 21 zai goce da wajen ɗigo 65 daga sama zuwa ƙasa. Wato babu sauran miƙaƙƙen farin layi da ya ratsa shafin ba tare da ya taɓa harafi ba. Manhaja ta duba ba ta ga lungu ba, sai ta ɗauka ɓari ɗaya ne mai faɗi. Miƙe shi da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick:

```
magick 47.png -deskew 40% +repage 47m.png
```

In da waya kake aiki, wurin gyaran hoto yana da ma'aunin juyawa kaɗan-kaɗan. Daidaita shi da layin rubutu, kada ka daidaita da bakin takarda, domin sau da yawa bugun ne ya karkace a kan takardar tun asali. In kuma littafi ne mai kauri, layukan da ke kusa da ɗinki sun lanƙwashe sun shiga inuwa, juyawa ba za ta yi magani ba. Sai dai a danne littafin a sake ɗauka, ko a buga wannan ɓarin da hannu.

Mataki na uku: raba shafin gida-gida ka ba su lamba

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi so ka daɗe. Fitar da shafin a takarda in da hali, ka ɗauki fensir. Kewaye kowane yanki da akwati. Abubuwan da ke shafin iri uku ne, kuma kowane iri hanyarsa daban. Akwai gundarin rubutu, wanda ya taho daga shafi na 46 zai wuce na 48. Akwai bayanan ƙasa, su ma suna da nasu jerin da ya taho daga baya. Akwai kuma kayan shafi, wato sunan mujalla na sama da lambar shafi, waɗanda ba marubucin ne ya sa su cikin maganarsa ba, maɗaba'a ce ta ɗora. Duk hargitsin da na taɓa gani a irin wannan aiki, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya faɗa cikin ɗan'uwansa.

Ja wa sunan mujalla layi ka soke shi. Kewaye lambar shafi ka ajiye ta gefe. Bayanan ƙasa ka sa musu harafin B. Saura gundarin rubutu, wanda jadawalin tsakiya ya yanka gida huɗu: hagu sama, dama sama, hagu ƙasa, dama ƙasa.

Hanya biyu ce za ta yiwu. Ko dai hagu sama, dama sama, jadawali, hagu ƙasa, dama ƙasa. Ko kuma hagu sama ya tsallake jadawalin ya zuba a hagu ƙasa, sannan a hau dama sama a sauko dama ƙasa. Duka biyun ana samun su a bugu, wani lokaci ma a mujalla ɗaya. In abin da ya ratsa tsakiyar kanun sabon babi ne ko sabuwar maƙala, kusan kullum hanyar farko ce, domin kanu yana rufe abin da ke samansa. In hoto ne ko jadawali, ba ka da tabbas sai ka karanta mahaɗa.

Mahaɗa ita ce inda wani akwati ya ƙare wani ya fara. A shafinmu, hagu sama ya ƙare da “Fatake daga Agadas kan sayi”. Duba 'yan takara biyu. Hagu ƙasa ya fara da “Farashin baba kuwa yakan tashi da bazara”. Dama sama ya fara da “turkudi da rawani ɗan Kura su yi arewa da su”. Ba sai an yi gardama ba, dama sama ne ya karɓi maganar. Sai ka rubuta 1 a hagu sama, 2 a dama sama, 3 a jadawali, 4 a hagu ƙasa, 5 a dama ƙasa.

Wannan mai sauƙi ne saboda jimlar ta yanke a tsakiya. Mai wuyar ita ce in akwatin ya ƙare da aya, duka 'yan takarar kuma suka fara da babban baƙi. A nan sai ka nemi wata shaida. Wadda na fi yarda da ita ita ce lambobin bayanin ƙasa da ke cikin rubutun, domin ba sa komawa baya. In hagu sama yana ɗauke da 4, dama sama yana da 5, hagu ƙasa yana da 6, to jerin ya bayyana kansa. Shaida ta biyu kalmomin haɗi: in marubuci ya ce “na farko” a akwati na 1, nemi inda “na biyu” yake. In wani akwati ya buɗe da “wannan jadawali ya nuna”, ka san bayan jadawali yake zuwa. Ta uku shigar layi: in layin farko na akwatin ya ɗan shiga ciki, sabon sakin layi ne, in ya fara daga bakin gefe, ci gaban na baya ne, kuma in layin ƙarshe na akwatin baya ya cika har bakin dama, to da alama sakin layin bai ƙare ba ko da akwai aya.

Kada ka manta da mahaɗa biyu na waje. Buɗe shafi na 46 ka karanta layinsa na ƙarshe na gundarin rubutu, ba na bayanin ƙasa ba. A namu ya ƙare da “marina kan jiƙa baba a cikin”, na 47 kuma ya buɗe da “karofi tare da toka da katsi”. Sun haɗu. Da ba su haɗu ba, da sai ka yi zargin an tsallake shafi wajen sikanin ko an sa shi a juye, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato, musamman in takardu biyu sun manne.

Shi jadawalin, in ya faɗo a tsakiyar jimla, kada ka dasa shi a wurin. Ƙarasa sakin layin tukuna, sannan ka sa shi da takensa.

Mataki na huɗu: kwafe akwati ɗaya-ɗaya

In da hannu za ka buga, rufe sauran shafin. A allon kwamfuta ƙara girman hoton har ɓari ɗaya kaɗai ya rage a gabanka. A takarda kuwa ɗora farar takarda a kan ɗaya ɓarin, ka sa rula a ƙarƙashin layin da kake kai. Kuskuren mai bugawa da hannu ba cakuɗa ɓari ba ne, tsallake ne: kalma ɗaya ta zo a ƙarshen layi biyu da ke kusa da juna, ido ya ɗaga ya dawo kan ta biyun, layukan tsakiya su ɓace. Ɓari siriri ya fi jawo wannan domin layukan gajeru ne, “da” da “na” da “a” suna ta maimaituwa a bakinsu.

In da OCR ne, yanka hoton bisa akwatunan da ka zana. A shafinmu lungun yana daidai ɗigo 1240 daga hagu, rubutu ya fara a 280 daga sama, jadawali ya kama daga 1350 zuwa 1750, zaren bayanin ƙasa yana 2760. Naka lambobin za su bambanta. Yawancin manhajojin gyaran hoto suna nuna inda kibiyar linzami take.

```
magick 47m.png -crop 1240x1070+0+280 +repage 47-01.png
magick 47m.png -crop 1240x1070+1240+280 +repage 47-02.png
magick 47m.png -crop 1240x1010+0+1750 +repage 47-04.png
magick 47m.png -crop 1240x1010+1240+1750 +repage 47-05.png
```

Lambobi biyun farko faɗi da tsawon yankin ne, biyun ƙarshe kuma inda kusurwarsa ta sama ta hagu take. Buɗe kowane yanki ka duba bakinsa. In ka ga guntayen haruffan maƙwabci sun leƙo, matsar da yankan, domin manhaja za ta mai da su tarkacen alamomi a ƙarshen kowane layi. Na sa sifili a gaban lambobin ne da gangan: in yankuna suka kai goma, kwamfuta za ta iya jera 10 kafin 2.

Sannan ka ba manhajar OCR mai suna Tesseract su ɗaya bayan ɗaya:

```
tesseract 47-01.png 47-01 --psm 6
```

Wannan `--psm 6` yana gaya masa cewa abin da ke gabansa dunƙulen rubutu ne guda, ya karanta layi bayan layi kada ya nemi rabe-rabe. A kan yankakken ɓari shi ne daidai. A kan cikakken shafi kuwa shi ne ainihin abin da ke haifar da irin ɓarnar da na ba da labari a farko. In ba ka rubuta komai ba, Tesseract yana aiki da `--psm 3`, inda shi da kansa yake neman ɓarori. A shafi mai tsabta, miƙaƙƙe, marar jadawali, yakan dace. Amma ba ya karanta ma'ana, ba shi da hanyar sanin cewa “kan sayi” turkudi yake jira, kuma bayanin ƙasa da ke gindin ɓarin hagu yakan shigo tsakanin hagu da dama. Minti biyun yanka sun fi rabin awar neman inda ya karkace.

Mai waya kaɗai ma zai iya. Yanka hoton a wurin gyaran hoto, ajiye kowane yanki daban, ka ba Google Lens su bi da bi, kana manna abin da ya fito bisa jerin lambobinka. Jadawali kam da hannu nake buga shi kullum.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka haɗe layuka tukuna. Bar kowane layi ya tsaya inda ya tsaya a shafin har ka gama bita. Da haka in akwati na 1 yana da layi 21 a hoto, ka ƙirga ka ga 20 a naka, ka san ɗaya ya faɗi tun kafin ka karanta komai.

Mataki na biyar: bayanan ƙasa

Duba abin da ke ƙarƙashin zaren. A shafinmu layuka biyu na farko ba su da lamba, sun fara da ƙaramin baƙi. Wannan wutsiyar bayani na 3 ce, wanda ya faro a shafi na 46 wuri ya ƙare masa. Gidanta yana can, sai ka ɗauke ta ka liƙa a ƙarshen bayani na 3. Masu gaggawa sukan manna ta a kan bayani na 4, ko su mai da ita ƙarshen gundarin rubutu. Wasu maɗaba'u sukan ja zaren ya fi tsawo in akwai irin wannan wutsiya, amma kada ka dogara da hakan. Koma shafin baya ka ga ko bayaninsa na ƙarshe ya ƙare da aya.

Bayanan kansu sukan zo a siga uku: su ratsa faɗin shafi, ko su ma a raba su ɓari biyu, ko kowane ɓari ya ɗauki nasa a gindinsa. Lambobinsu za su nuna maka jerin. Sai dai in an raba su biyu, bayani ɗaya zai iya farawa a gindin hagu ya ƙarasa a saman dama ba lamba, don haka gwajin mahaɗa yana aiki a nan ma.

Yanzu sai 'yan lambobin cikin rubutu. OCR ba ta cika gane su ba. A akwati na 1 an rubuta cewa Turawa sun ci Kano a 1903, da 'yar lamba 4 a sama. Abin da ya fito shi ne 19034. Wannan ma da sauƙi, ido zai kama shi. Wanda ke wucewa shi ne in an ce karofi 12 da 'yar lamba 5, ya fito karofi 125. Wani lokacin lambar takan koma alamar zance ko waƙafin sama, kuma a Hausa wannan haɗari ne na musamman, tun da waƙafin sama harafi ne a wurinmu, kamar a sana'a da 'ya'ya, ba za ka share su duka da umarni ɗaya ba.

Maganin ƙirga ne. Bayanai masu lamba nawa ne a gindin shafi? Uku: 4 da 5 da 6. To dole a sami alama uku a cikin rubutun, a jere. Nemo kowace a hoton, ka rubuta ta a naka cikin baka mai kusurwa, manne da kalmar da take kai: 1903[4]. In tauraro aka yi amfani da shi maimakon lamba, kuma yana sake farawa a kowane shafi, haɗa shi da lambar shafi, kamar [47*], don kada na shafi na 47 ya rikice da na 52.

Ina za a ajiye bayanan? Ba a tsakiyar jimlar da ta tsallaka zuwa shafi na 48 ba. Ni nakan tara su a fayil daban, kowanne da lambarsa da shafinsa, sai a ƙarshe in jera su a bayan maƙalar. In mai aikin yana son su dawo gindin shafi a Word, sa kibiya a wurin alamar ka danna Ctrl+Alt+F ka manna bayanin. Amma ka sani Word da kansa yake ba da lamba daga 1. In maƙalarka daga bayani na 3 ta fara, ko ka tsallake guda, duk lambobin da ke biye za su goce daga na asali ba tare da ya ce maka uffan ba. Shi ya sa ba na share masu baka sai na gwada na ƙarshe na ga ya yi daidai da na littafin.

Mataki na shida: lambar shafi

Lambar shafi ba ta cikin magana, amma ba a yar da ita, domin wanda zai kafa hujja da rubutun yana bukatar ya ce shafi kaza. Ana sa ta ne a daidai inda shafin ya fara, ko da a tsakiyar jimla ne:

marina kan jiƙa baba a cikin [sh. 47] karofi tare da toka da katsi

Ko a gindin shafi aka buga lambar, a farkon rubutun shafin za ka sa alamar, kuma ka tsaya a kan haka har ƙarshen aikin. In kalma ce ta rabu tsakanin shafi biyu, haɗe ta tukuna, ka sa alamar a bayanta.

Lambar da aka buga a takarda ita ce abin rubutawa, ba wadda manhajar PDF ke nunawa ba. Bango da shafin abubuwan da ke ciki da gabatarwa mai lambobin Romawa sukan tura lissafin gaba. Shi ya sa shafinmu na 47 ya zama na 55 a fayil. Tazarar 8 ɗin nan ma ba ta da tabbas har ƙarshe, in an tsallake farin shafi ko an saka taswira marar lamba sai ta canza. Shafin farko na babi sau da yawa ba a buga masa lamba. Ƙirga daga maƙwabtansa ka rubuta. Ka kuma lura da lambobin da ke kama da ta shafi a layin sama, kamar shekara ko lambar fitowar mujalla. Waɗannan sau ɗaya ake rubuta su, a saman fayil.

Mataki na bakwai: bita, sannan haɗe layuka

Bita biyu nake yi, kowace da abin da take nema. Ta farko ta jeri ce kawai: karanta layi biyu kafin kowace mahaɗa da layi biyu bayanta, da babbar murya. A shafinmu mahaɗa biyar ce: daga 46 zuwa akwati na 1, daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 4, daga 4 zuwa 5, daga 5 zuwa shafi na 48. Sai ka nemi sunan mujallar da Ctrl+F, ka tabbata bai ɓuya a ko'ina ba.

Ta biyu ta haruffa ce, layi da layi, kuma ta fi kyau da mutum biyu, ɗaya yana karanta hoton ɗaya yana bin kwafin. In da tsarin Turanci manhajar ta karanta, ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, za ta ba ka b da d da k ko wata alama daban. Baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɓata ya koma bata, kuma duka kalmomi ne na gaske, babu jan layin da zai tona su. A shafinmu Kura gari ne, ba ƙura ba ce, don haka sauya duka a lokaci ɗaya ba zai yiwu ba. A Word, rubuta U+0199 ka danna Alt+X ka sami ƙ. U+0257 na ɗ ne, U+0253 na ɓ. In bugun Nijar ne za ka ga ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, lambarsa U+01B4. Bar shi yadda yake. Haka tsohon rubutu mai ch a madadin c, ko kuskuren marubuci: kwafe shi yadda ka gan shi, in kana tsoron a ɗora maka laifin ka sa [haka yake] a bayansa. Inda tawada ta goge, rubuta [ba ya karantuwa], kada ka cike da zato. Ajiye fayil ɗin a UTF-8, in ba haka ba haruffan da ka sha wahalar gyarawa za su iya komawa alamar tambaya.

Sai yanzu za ka haɗe layuka. A manhajar rubutu ta Notepad++ zaɓi sakin layi ɗaya ka danna Ctrl+J. Kafin nan bi karan ɗorin da ke ƙarshen layuka ɗaya-ɗaya, domin ɓari siriri cike yake da su. In “makaran-” ne a sama “ta” a ƙasa, cire karan ka haɗe: makaranta. In “tafiye-” ne a sama “tafiye” a ƙasa, karan na kalmar ne, ya zauna, sai dai ka cire filin da haɗewar ta bari a bayansa. Haka rine-rine da sannu-sannu da kala-kala. Wanda ya ba da umarnin a share duk karan ƙarshen layi zai wayi gari da tafiyetafiye a shafuka goma sha takwas.

Akwati na 5 a shafinmu ya ƙare da “bugu a kan”, ba aya. Kada ka sa masa, kada ka buɗe sabon sakin layi. Rubuta [sh. 48] a bayansa, ka ɗauko fensir da shafi na gaba.